Nawa Zan Zuba? Lissafin da Ake Yi Kafin a Shiga Ciniki a Kasuwar Kuɗi

A ce samari biyu ne, kowanne da dala 1,000 a asusunsa na kasuwar musayar kuɗaɗen waje, wadda aka fi sani da Foreks. Shawara ɗaya aka turo musu a waya: su sayi Yuro da Dala a kan farashin 1.0850, in farashi ya sauko zuwa 1.0810 su fita. Suka shiga lokaci ɗaya, kasuwa ta juya musu baya, aka fitar da su a wuri ɗaya. Na farko ya yi asarar dala 8, ya ci gaba da harkarsa. Na biyu kuwa dala 200 ce ta tafi, wato kashi ɗaya cikin biyar na jarinsa, a yini guda.

Hasashensu ɗaya ne, kuskurensu ma ɗaya. Abin da ya raba su wani ɗan gurbi ne a manhajar MetaTrader mai suna Volume, inda ake rubuta girman cinikin. Na farko ya rubuta 0.02, na biyu ya rubuta 0.50. Shi na biyun da ka ya zaɓi lambarsa, don zuciyarsa ta ba shi cewa cinikin zai yi kyau. Na farko lissafo ta ya yi daga abubuwa uku: yawan jarinsa, kason da ya yarda ya rasa, da nisan wurin da zai fita in abin bai yi ba. Lissafin bai wuce sau da rabawa ba, amma tsarin da ake bi wajen yin sa shi ne kan maganar. Girman ciniki shi ake sani a ƙarshe, ba da shi ake farawa ba.

Abubuwa uku, kowanne da mai yanke shi

Na farko shi ne jari, wato abin da ke cikin asusun a yau. Kuɗin da kake sa ran za a biya ka ƙarshen wata ba ya ciki, haka ma ribar da kake hange. In kana da wani ciniki a buɗe yana cikin faɗuwa, ka duba lambar da manhajar ke nunawa a gaban Equity, domin ita ce ke faɗin abin da ya rage maka da gaske bayan an cire faɗuwar.

Na biyu shi ne kason kasada: kashi nawa cikin ɗari na jarin ka yarda ya tafi in wannan ciniki guda ya lalace. Yawancin masu koyar da sana'ar suna tsayawa ne tsakanin kashi 1 da kashi 2. Kai ke yanke wannan, sau ɗaya, lokacin da hankalinka ke kwance, sannan ka bar shi a haka. Ba a ɗaga shi don ciniki ya yi maka kyau a ido, ba a kuma ɗaga shi don neman fansar asarar jiya.

Na uku shi ne nisan iyakar asara. Iyakar asara ita ce farashin da in kasuwa ta kai shi, ka yarda hasashenka ya ƙaryata, ka fita. A manhaja ana rubuta shi a gurbin Stop Loss, dillali ya rufe maka cinikin ko kana barci. Wannan kuma kasuwa ce ke yanke shi. Wanda ya saya don ya ga farashi ya daina sauka a wani wuri ya fara hawa, iyakarsa tana ƙasa da wurin nan kaɗan, domin in farashi ya ratsa shi, dalilin sayen ya rushe. Ƙarancin kuɗin aljihunka ba ya matso da wurin nan kusa.

Da naira tukuna

Bari mu fara da hannun jari, inda lissafin ya fi fitowa fili. Wata baiwar Allah tana da naira 500,000 da ta ware don sayen hannun jari a kasuwar Legas, ta kuma yanke wa kanta kashi 1 cikin 100. Kuɗin kasadarta ke nan naira 5,000. Ta ga wani kamfani ana sayar da hannun jarinsa naira 50, ta duba tarihin farashin ta ga sau biyu yana sauka kusa da naira 47 ya koma sama. Sai ta ce in ya faɗo naira 46 za ta sayar, ta huta.

Kowane hannun jari guda ke nan zai iya cinye mata naira 4. Tambayar ita ce, naira 4 sau nawa ke cikin naira 5,000? Amsa 1,250. Shi ke nan, hannun jari 1,250 za ta saya, kuɗinsu naira 62,500. A lura da bambancin lambobi biyun nan, domin nan mutane da yawa ke rikicewa: abin da ta zuba naira 62,500 ne, abin da ta sa a kasada naira 5,000 ne. Kashi 1 ɗin da ake magana na asarar da za a iya yi ne, ba na kuɗin da aka zuba ba.

Da a ce farashin kamfanin mai yawan kai-komo ne, har sai ta kai iyakarta naira 40, to kowane guda zai iya cinye naira 10, sai ta sayi 500 kawai. In ya lalace, asarar dai naira 5,000 ce. Iyaka mai nisa, ƙaramin ciniki. Iyaka ta kusa, babban ciniki. Asarar kuwa ba ta motsi. Ga shi a taƙaice:

```
kuɗin kasada = jari × kaso
girman ciniki = kuɗin kasada ÷ asarar kowane guda
```

Yadda yake a Foreks

A Foreks ma hakan ne, sai dai akwai ma'auni biyu da ya kamata a sani. Motsin farashi ana ƙirga shi da fif, wanda manhajoji ke rubutawa `pip`. A EUR/USD fif ɗaya shi ne motsin lamba ta huɗu bayan ɗigo, kamar daga 1.0850 zuwa 1.0849. Girman ciniki kuma ana auna shi da lot. Lot ɗaya cikakke Yuro 100,000 ne, 0.10 Yuro 10,000, sai 0.01 Yuro 1,000, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a wurin yawancin dillalai. Ga mai asusun dala, kowane fif a EUR/USD dala 10 ne a lot ɗaya, dala 1 a 0.10, senti 10 a 0.01.

To mu bi cinikin nan daki-daki. Jari dala 1,000, kaso 1 cikin 100, kuɗin kasada dala 10. Shiga a 1.0850, iyaka a 1.0810, tazara fif 40. Da lot ɗaya cikakke za a shiga, fif 40 sau dala 10 zai zama asarar dala 400. Mu kuwa dala 10 muka yarda da ita, sai mu raba 10 da 400.

```
1000 × 0.01 = 10
10 ÷ (40 × 10) = 0.025
```

Amsa ta fito 0.025, manhaja kuma ba ta karɓar rabin mataki: ko 0.02 ko 0.03. Kullum ƙasa ake komawa. A 0.02 kowane fif senti 20 ne, sau 40 ya ba da dala 8, ƙasa da abin da aka ware. A 0.03 asarar za ta kai dala 12, an ƙetare ƙa'ida tun kafin a fara. Ragowar dala 2 ɗin ma ba banza ba ce, domin akwai la'adar dillali da 'yar tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, kuma duk daga aljihunka suke fita.

Gobe in wani ciniki ya zo da iyaka mai nisan fif 20, lissafin zai ba da 0.05. In na jibi fif 100 ne, zai ba da 0.01. Wanda ya saba rubuta 0.05 a kowane ciniki yana ganin kamar tsayayyen tsari yake bi, alhali gobe dala 10 zai sa a kasada, jibi dala 50. Haka kuma ana sabunta lissafin da sauyawar jari. In asusun ya sauka dala 900, kuɗin kasada ya koma dala 9; in ya hau 1,200, ya zama dala 12. Ta haka ciniki ke ƙanƙancewa da kansa lokacin da abubuwa ba sa tafiya daidai, ba tare da ka jira zuciyarka ta ba ka shawara ba.

Me ya sa kason yake ƙarami haka?

Saboda faɗuwa a jere take zuwa. Ko mutumin da rabin cinikinsa ke cin riba, in ya yi ciniki 200, samun faɗuwa shida ko bakwai a jere ba abin mamaki ba ne. Haka lissafin dace yake, ko kwabo ake jefawa sama. Abin tambaya shi ne me zai rage a asusun bayan an wuce wurin.

Mu ɗauki faɗuwa goma a jere a kan dala 1,000. Mai kashi 1 zai fito da kimanin dala 904. Mai kashi 2 zai fito da dala 817. Mai kashi 10 zai fito da dala 349. Sannan hanyar komawa ta fi ta sauka tsawo, domin da ragowar kuɗin ake neman abin da ya tafi. Mai dala 904 ribar kashi 11 cikin 100 ta ishe shi ya koma inda yake. Mai dala 349 sai ya kusa ninka kuɗinsa sau uku. Kuma mutumin da ya ga kashi biyu cikin uku na jarinsa sun narke da wuya ya ci gaba da lissafi da sanyin rai. Abin da aka fi gani shi ne ya ƙara girman ciniki don ya fanshe da sauri, ya ƙarasa ragowar.

Wannan ƙa'ida ta daɗe a hannun manyan 'yan kasuwa. A 1983, Richard Dennis da abokinsa William Eckhardt, 'yan kasuwar hajoji a birnin Shikago na Amurka, sun ɗauki wasu mutane, da yawansu sababbin shiga, suka koya musu ciniki, aka yi musu laƙabi da Kunkuraye. Cikin ƙa'idodin da aka ba su, sai su auna matsakaicin motsin da farashi ke yi a yini cikin kwana 20 da suka wuce, su tsara girman ciniki yadda motsin yini guda zai yi daidai da kashi 1 na asusun, su kafa iyakar asara a ninki biyu na wannan motsi. Kasuwa mai tsalle-tsalle ta samu ƙaramin ciniki, mai natsuwa ta samu babba. An kuma umarce su, duk lokacin da asusun ya faɗi da kashi 10, su riƙa lissafi kamar ya ragu da kashi 20, har sai sun farfaɗo.

Inda ake tuntuɓe

Tuntuɓe na farko shi ne juya tsarin. Mutum ya riga ya ƙudurta 0.10 zai shiga da shi, ya ga dala 10 za ta ƙare a fif 10, sai ya kafa iyakarsa a nan. A takarda kashi 1 ne, amma EUR/USD kan yi kai-komon fif da dama a yini ko babu wani labari, don haka ɗan numfashin kasuwa ya isa ya fitar da shi. Alamar wannan ciwo a bayyane take: ana yawan fitar da kai, sannan farashi ya juya ya tafi inda ka yi hasashe. Maganinsa a mayar da iyaka inda ta dace, a rage lot.

Na biyu shi ne ɗaukar darajar fif ɗin EUR/USD a ɗora wa komai. A USD/JPY fif ɗaya lamba ta biyu ce bayan ɗigo, kuma a lot ɗaya Yen 1,000 ne, wanda in Dala tana Yen 150 bai wuce dala 6.67 ba. Zinare, da ake rubutawa XAU/USD, ya fi kama mutane. A wurin yawancin dillalai lot ɗinsa oza 100 ne, don haka 0.01 oza ɗaya ce, kuma duk motsin dala ɗaya a farashi dala ɗaya ce a asusunka. Mai kasadar dala 10 da iyakarsa ke da nisan dala 10, mafi ƙanƙantar lot kawai zai iya ɗauka. Kafin ka taɓa hajar da ba ka saba da ita ba, ka buɗe bayananta a manhaja ka karanta Contract size. Ka kuma lura cewa dillalai da yawa suna nuna lamba biyar bayan ɗigo, kamar 1.08500, ta ƙarshen kuwa ɗaya bisa goma ce ta fif. Wanda ya ƙirga ta a matsayin fif, lissafinsa zai kauce har ninki goma.

Na uku shi ne ruɗuwa da lamunin dillali, abin da ake rubutawa Leverage. In an ba ka 1:500, jinginar da za a riƙe don buɗe 0.50 na EUR/USD ba ta wuce dala 109 ba, sai manhaja ta karɓa ba gardama. Da dala 1,000 har lot 4 za ta bari ka buɗe, inda kowane fif dala 40 ne, fif 25 ya share asusun, kafin ma a kai nan dillali ya rufe maka da kansa. Jingina tana faɗin abin da aka ƙyale ka ka buɗe ne kawai. Ba ta san abin da za ka iya jurewa ba. A 2018 hukumar ESMA mai sa ido kan kasuwannin kuɗi na Tarayyar Turai ta bayyana cewa tsakanin kashi 74 da 89 cikin 100 na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi, ta kuma taƙaita lamunin zuwa 1:30 a manyan kuɗaɗe.

Na huɗu shi ne buɗe ciniki da yawa masu uwa ɗaya. Wanda ya sayi EUR/USD, ya sayi GBP/USD, ya ƙara da AUD/USD, kowanne da kashi 1, hasashe ɗaya ya yi sau uku, wato Dala za ta faɗi. Ranar da Dala ta tashi, sau da yawa tare ukun ke zubewa, asara ta zama kashi 3. Irin waɗannan a ɗauke su ciniki guda, a raba musu kaso ɗaya.

In lissafi ya ce kada ka shiga

Akwai amsar da masu ƙaramin jari ba sa son ji. Mai dala 100, kashi 1 nasa dala ɗaya ce. Mafi ƙanƙantar lot yana cin senti 10 a kowane fif, don haka iyakar da ta wuce fif 10 ta fi ƙarfinsa. Cinikin nan mai fif 40 zai cinye masa dala 4, kashi 4 cikin 100, ko da 0.01 ya shiga. Duk lokacin da amsa ta fito ƙasa da 0.01, ma'anarta cinikin ba naka ba ne. Iya kuɗinka, iya shagalinka. Zaɓin da ya rage shi ne asusun senti, wanda wasu dillalai ke buɗewa da lot ƙanana sosai, ko asusun gwaji da ba a sa kuɗin gaske, ko haƙuri. Cin bashi ko taɓa kuɗin cefane don a ƙara jari ba ya cikin zaɓin, domin duk lissafin an gina shi ne a kan kuɗin da rasa su ba zai taɓa tukunyar gida ba.

Abin da lissafin ba ya iyawa

Dukkan abin da muka faɗa ya dogara ne a kan zato guda: cewa za a fitar da kai a farashin da ka rubuta. Iyakar asara umarni ne na a sayar a farashin farko da aka samu bayan an kai wurin, kuma wani lokaci farashin tsalle yake yi. Yana faruwa a lokacin manyan sanarwa, da kuma daren Lahadi in kasuwa ta buɗe bayan hutun ƙarshen mako. A kasuwar hannun jari ma akan wayi gari masu sayarwa sun yi layi babu mai saye.

Ranar 15 ga Janairu, 2015, babban bankin ƙasar Suwizalan ya janye ba zato alkawarin da ya riƙe tun 2011 na hana Yuro sauka ƙasa da Faran 1.20. Cikin mintoci Yuro ta rufto har ƙasa da Faran ɗaya, babu masu saye a tsakani. An rufe wa mutane ciniki nesa ƙwarai da inda suka kafa iyaka. Kamfanin dillanci na Alpari reshen Birtaniya ya durƙushe, FXCM kuma ya sanar cewa abokan cinikinsa sun wayi gari da bashin kimanin dala miliyan 225. Mu ƙaddara mai iyakar fif 40 an fitar da shi a nisan fif 1,000, wato ninki 25. In kashi 1 ya sa, ya rasa rubu'in jarinsa, ya ji jiki amma yana nan. In kashi 5 ya sa, jarin ya ƙare har ana bin sa. Ko a ranar da iyaka ta kasa aiki, ƙanƙantar cinikin ce ta rage ɓarnar.

Haka nan lissafin ba ya mayar da mummunar dabara mai kyau. In hanyar da kake bi wajen zaɓen ciniki asararta ta fi ribarta, kashi 1 zai sa kuɗin su daɗe kafin su ƙare ne kawai. Amfanin jinkirin shi ne ka samu ciniki 50 ko 100 a rubuce, ka duba ka gane gaskiyar dabarar tun da sauran kuɗi a hannu. Kuma ba ya amsa tambayar halal da haram. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2006, ta hana ciniki da lamunin dillali irin wannan, saboda kuɗin ruwan da ake ɗorawa in ciniki ya kwana da kuma haɗa bashi da dillanci. Mai niyyar shiga ya fara zama da malamin da ya san harkar. Shi dai lissafin yana aiki daidai ga wanda ke sayen hannun jari da kuɗinsa tsura, ba lamuni ba ruwa.

Ga wanda ya riga ya fara, akwai gwajin da zai yi a daren nan. Ya buɗe History a manhajarsa, ya rubuta asara ashirin na ƙarshe a takarda, ya raba kowacce da jarin da yake da shi a ranar. In duk suna kusa da juna, kashi 1 ko ƙasa da haka, lissafin na aiki. In ya ga wata rabin kashi, wata kashi 6, wata kashi 15, to ya tsaya a kan manyan ya tambayi kansa me ya faru a kowacce: lot aka zaɓa da ka, ko iyaka aka ja baya bayan an shiga, ko ba a sa ta ba sam. Kusan kullum ɗaya daga cikin ukun nan ne, kuma duka ukun ana gyara su ne kafin a danna Buy ko Sell, domin ba a fafe gora ranar tafiya.